Tarin Baba Ya Ƙi Jin Magani

Likitocin da ke amsa tambayoyin jama'a a rediyo ko a jarida sun saba da wata irin wasiƙa. Sau da yawa ba mara lafiyar ne ke rubuta ta ba. 'Yarsa ce, wadda ke kai masa abinci tana kuma ganin yadda kwanon ke dawowa. Wasiƙar da ke ƙasa ba ta mutum guda ba ce. Na haɗa ta ne daga abubuwan da aka fi yawan faɗa wa likitoci, domin mu bi ta daki-daki.

"Assalamu alaikum, Likita. Barka da aiki, da fatan kana lafiya tare da iyali. Na rubuto ne a kan mahaifina. Shekarunsa 62, tela ne. Tun farkon hunturu ya kama tari, muka ɗauka sanyi ne da ƙura. Ga shi har zafi ya shigo, wata huɗu ke nan, tarin bai tafi ba. Da farko busasshe ne, yanzu yana fitar da kaki mai kauri. Sau ɗaya na ga ɗigon jini a tsumman da yake goge baki, amma ya ce daga dasashi ne. Da safe garau yake, har shago yana zuwa. Da an yi la'asar sai jikinsa ya ɗau zafi, cikin dare kuma ya yi zufa sharkaf har sai Inna ta canza masa riga. Abinci ba ya shiga, loma uku ya ture kwano. Ya rame ƙwarai, wuyan riga ya yi masa yawa, wando sai ya ƙara ɗaure tazuge. An kai shi kemis, aka ce maleriya da taifot, aka yi masa allurai, aka ba shi sifro na kwana goma. Ya ji sauƙi kamar mako biyu, sai abin ya dawo. Maganin tari mun sayi kwalba wajen biyar. Gwaggona ta ce sammu ne, an karɓo rubutu da jiƙe-jiƙe. Yana da ciwon suga tun shekara shida da suka wuce. Ɗana mai shekara uku a ɗakinsa yake wuni, wani lokaci ma a nan yake kwana. Shi Baba ba ya son zancen asibiti, cewa yake tsufa ne. Likita, me ke damunsa, kuma yaya zan yi? Wallahi ina cikin tsoro. Allah ya saka da alheri."

Babu likitan kirki da zai yanke hukunci a kan ciwo daga takarda. Amma duk wanda ya yi aiki a asibiti a ƙasar nan, kafin ya kai ƙarshen wannan wasiƙa, zuciyarsa ta riga ta tafi wuri ɗaya: tarin fuka, wanda wasu ke ce wa tibi. Abin da ya fi jan hankalinsa kuwa ba jinin ba ne, duk da shi ya fi tsorata iyali. Wata huɗun nan ne. Tarin mura da na ƙurar hunturu yakan lafa cikin kwana goma zuwa mako biyu. Shi ya sa ƙa'idar da ma'aikatan lafiya ke bi a Najeriya ta ce duk wanda ya kai mako biyu yana tari a gwada kakinsa, ko da babu wata alama tare da tarin. Wannan dattijo ya ninka wa'adin sau takwas, ga zazzaɓin yamma, ga zufar dare, ga rama. Ɗiyar ta ba likita abin da ya fi buƙata: yaushe abin ya fara, yaya ya sauya, me aka sha, wane ciwo ne a jiki tun da, wa ke kwana kusa da shi. Majinyata da yawa idan sun zauna gaban likita "jiki ne ba daɗi" kawai suke cewa.

Dalilin da yake tafiyar hawainiya

Ƙwayar cutar da ke haddasa tarin fuka, wadda likitan Jamus Robert Koch ya bayyana wa duniya a birnin Berlin ranar 24 ga Maris, 1882, ta bambanta da yawancin ƙwayoyin da muka saba da su. Akwai ƙwayoyin cikin hanji da ke rabuwa biyu a duk minti 20. Ita wannan sai ta ɗauki awa 15 zuwa 20 kafin ta rabu sau ɗaya. Jikinta kuma yana lulluɓe da wani kauri mai maiƙo da ke hana magunguna da yawa ratsa ta. Daga waɗannan halaye biyu kusan komai na ciwon ya samo asali: yadda yake shigowa a hankali har iyali su saba da shi, da kuma yadda maganinsa ke ɗaukar watanni.

Ta iska ake ɗaukarta. Idan mai ciwon a huhu ya yi tari ko atishawa, ko ya ɗaga murya, wasu ƙananan ɗigo da ido ba ya gani suna fita, su yi ta yawo a ɗakin da ba ya samun iska har na tsawon sa'o'i. Wanda ya shaƙa ba lalle ne ya kwanta ba. A mafi yawan mutane garkuwar jiki kan kewaye ƙwayar ta killace ta a huhu, ta zauna shiru shekara da shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa ɗaukarta, amma biyar zuwa goma cikin ɗari ne kawai daga cikinsu za su yi ciwon a tsawon rayuwarsu. Wannan tela mai yiwuwa a bara ya ɗauka daga wani da ke zama a shagonsa, mai yiwuwa kuma tun yana saurayi. Abin da ke buɗe mata ƙofa shi ne raunin garkuwa: tsufa, ƙarancin abinci, shan taba, ƙanjamau, da kuma wanda ɗiyar ta ambata a tsakiyar wasiƙa kamar ba wani abu ba, wato ciwon suga. Mai suga ya fi wanda ba shi da shi haɗarin tarin fuka da ninki biyu zuwa uku, kuma da ciwon ya kama, sugan kan ƙara hawa, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi.

Idan ta farka, ta fi son saman huhu. Tana cin naman wurin har ya ruɓe ya zama kogo, abin da ya ruɓe kuma shi ne kakin mai kauri da ke fita. In ɓarnar ta taɓa wata 'yar jijiya, sai a ga jini. Mutane da yawa na jiran su ga jini kafin su yarda tarin fuka ne, alhali masu ciwon da dama ba sa taɓa tofar da jini har a gano su.

Zazzaɓin da ramar kuwa daga yaƙin da jiki ke yi suke. Sinadaran da garkuwa ke fitarwa don yaƙar ƙwayar su ne ke ɗaga zafin jiki, su kashe sha'awar abinci, su sa jiki ya riƙa cin kitsensa da tsokarsa. Zafin jikin ɗan Adam dama yakan ɗan ƙaru da yamma, saboda haka a lokacin zazzaɓin ke fitowa fili. Idan ya sauka cikin dare sai zufa ta karyo. Da safe mutum ya tashi kamar ba shi ba, ya tafi shago. Wannan sauƙin na safe ne ke yaudarar gida, kowa ya ce ai ya fara warwarewa.

Abin da ya faru a kemis

A nan nake son in daɗe, domin a nan ake asarar watanni. Zazzaɓi ya zo, aka ce maleriya da taifot. Zazzaɓin maleriya ba ya wata huɗu yana zuwa kowace yamma tare da tari da rama. Gwajin jinin taifot da aka fi yi a ƙananan ɗakunan gwaji kuwa yakan nuna "akwai" ga mutane da yawa da ba su da ciwon, musamman a wuraren da taifot ya zama ruwan dare, inda jinin mutum ke riƙe da alamar tsohuwar haɗuwa da ƙwayar.

Sai aka ba shi sifro, ya ji sauƙi na mako biyu. Ɗiyar ta rubuta wannan a matsayin abin mamaki, amma ga likita ƙarin hujja ne. Sifro da danginsa, irin su lebofulokzasin, suna taɓa ƙwayar tarin fuka. Suna rage yawanta har zazzaɓi ya sauka, tari ya yi sauƙi, amma magani ɗaya na kwana goma ba ya kashe ta. Ɓarnar kashi uku ce. Iyali sun koma gida da tabbacin taifot ne, an rasa makonni. In an je gwajin kaki dab da shan maganin, yawan ƙwayar ya ragu har gwajin na iya kasa ganinta. Sannan an koya wa ƙwayar jure wa wani rukunin magani da likitoci ke ajiyewa domin tarin fuka mai taurin kai. Don haka duk wanda ake zargi da wannan ciwo, kada a ba shi sifro ko danginsa kafin a gwada shi, kuma in an riga an ba shi, a faɗa wa likita suna da ranar da aka sha. Mafi sauƙi a zuba duk kwalaye da kwalaben da aka saya a leda a tafi da su asibiti.

Maganin tari na kwalba ba ya yin komai ga ƙwayar, yana dai danne tarin na 'yan sa'o'i. Wanda ya fi shi haɗari shi ne ƙananan ƙwayoyin nan da ake sayarwa don "buɗe ciki" ko sa ƙiba, irin su dekza da firedinisolon. Suna sa mutum ya ci abinci, fuska ta ciko, zazzaɓi ya ɓuya, alhali suna danne garkuwar da ke riƙe da ciwon, suna kuma ɗaga suga. Ga wannan dattijo su ne mafi munin abin da za a iya ba shi ba da umarnin likita ba.

Batun gwaggo da sammu ba sai an yi faɗa a kansa ba. Ciwon da ke cin mutum a hankali, ya ƙi jin allura, dole zukata su tafi can. Addu'a ba ta hana gwaji. Abin da za a roƙi gwaggo shi ne a dakatar da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba, domin maganin da za a fara yana buƙatar hanta mai lafiya.

Gwajin kaki

Amsar farko da likita zai ba wannan baiwar Allah gajeriya ce: a kai Baba gwajin kaki a wannan makon, kada a jira ƙarshen wata. A Najeriya gwajin kaki da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin da ke ƙarƙashin shirin ƙasa na yaƙi da tarin fuka da kuturta, waɗanda ke cikin manyan asibitocin gwamnati da ƙananan asibitocin unguwa masu yawa, har da wasu masu zaman kansu. Akwai lambar waya ta kyauta, 3340, da ake kira don a san cibiya mafi kusa. A arewa an daɗe da sanin cibiyar horarwa ta ƙasa da ke Saye, kusa da Zariya. Hoton ƙirji da wasu gwaje-gwajen jini ne a wurare da dama ake biya, ya kamata a tafi da shirin haka.

In Baba ya ƙi fita, akwai hanya. Ana iya zuwa a yi bayani, a karɓo ɗan kwanon gwajin, ya tofa a gida a mayar a ranar. Kuma dattijon da ya ƙi jin maganar 'yarsa sau da yawa yakan ji ta amininsa ko ta limamin unguwa. Maganar da ta fi saurin ratsa irin waɗannan iyaye ita ce ta jika: "Baba, saboda yaron nan da ke kwana wurinka."

Yadda aka tara kakin yana iya sauya sakamako, saboda haka a kula. An fi son na asuba, kafin a ci komai. Ya kurkure baki da ruwa zalla. Ya fita tsakar gida inda iska ke kaɗawa, nesa da yara, kada a yi a banɗaki ko a ɗaki rufe. Ya ja numfashi mai zurfi ya riƙe kaɗan ya saki, sau biyu ko uku, sannan ya yi tari daga can cikin ƙirji ya tofa a kwanon. Ana son kamar cikin ƙaramin cokalin shayi. Yawu tsararo ba shi da amfani. Abin da ake nema shi ne mai kauri, mai yauƙi. In ya ƙi fitowa, shaƙar tururin ruwan zafi na 'yan mintoci kan sassauta shi. A rufe murfin sosai, a wanke hannu, kada a bar kwanon a rana.

Na'urar da aka fi amfani da ita yanzu, GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a ƙarshen 2010, tana gama aikinta cikin kamar awa biyu, kodayake layi da jigilar kaki daga ƙaramin asibiti kan sa sakamako ya kai kwana biyu ko fiye. Abu biyu take faɗa: ko akwai ƙwayar, da kuma ko ƙwayar tana jin rifamfisin, wanda shi ne ƙashin bayan maganin. Za a kuma nemi a yi masa gwajin ƙanjamau. Kada ran kowa ya ɓaci; ƙa'ida ce ga duk wanda ake zargi da tarin fuka, malami ne ko ɗan kasuwa, domin in cututtukan biyu sun haɗu tsarin magani yana sauyawa. Za a auna sugansa, a ɗora shi a sikeli.

Idan sakamako ya ce ba a ga komai ba, magana ba ta ƙare ba. Mai yiwuwa kakin bai yi kyau ba, ko ƙwayar ba ta da yawa a cikinsa. Sai a yi hoton ƙirji, a sake gwaji. Kuma akwai wasu cututtuka da ke kama da wannan a mutum mai shekara 62: dajin huhu, musamman ga wanda ya daɗe yana shan taba, ciwon zuciya da ke tara ruwa a huhu, lalacewar huhu daga ƙurar dutse ga masu haƙar ma'adinai da fasa dutse. Kowanne cikinsu asibiti yake buƙata. Akwai kuma alamomin da ba a jiran sakamako a kansu: jini mai yawa a tari, numfashi sama-sama ko yana zaune, kasa tsayawa da ƙafa, ruɗewa ko sanƙarewar wuya. Wanda ya nuna ɗaya daga ciki a kai shi sashen gaggawa a ranar.

Wata shida

Mu ɗauka gwaji ya tabbatar, kuma ƙwayar tana jin rifamfisin. Sikeli ya nuna kilo 52, tsohon katinsa na asibitin suga kuma ya nuna 61 a bara. Ya zubar da kilo 9 ke nan, kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsa. Nauyin nan da shi ake lissafin magani. Magunguna huɗu ne, rifamfisin da aisoniyazid da firazinamaid da itambutol, an haɗe su cikin ƙwaya guda. Mai kilo 52 zai riƙa shan ƙwaya uku a lokaci ɗaya kowace safiya, kafin karin kumallo. In ya murmure ya kai kilo 55, za a ƙara masa zuwa huɗu, shi ya sa ake auna shi duk zuwa. Wata biyu na farko da magunguna huɗun ake yi, wata huɗu na baya da biyu kawai, rifamfisin da aisoniyazid.

Me ya sa huɗu, me ya sa wata shida? A cikin miliyoyin ƙwayoyin da ke kogon huhu, ba a rasa 'yan kaɗan da magani ɗaya ba ya kashewa. In shi kaɗai aka ba da, sauran su mutu, waɗannan su hayayyafa su cika wurin. In an haɗa huɗu, wadda ta tsere wa ɗaya sai ɗayan ya kama ta. Tsawon lokacin kuma saboda wasu ƙwayoyin lamo suke yi, ba sa rabuwa, magani kuwa ya fi kama wadda ke motsi. Kamar garwashi ne a ƙarƙashin toka: harshen wuta ya mutu, amma in an tafi an bar shi, iska na kaɗawa zai tashi.

Cikin mako biyu zuwa huɗu yawanci zazzaɓi kan sauka, zufa ta tsaya, abinci ya fara shiga. Wannan lokacin farin ciki shi ne kuma mafi haɗari, domin a nan mutane ke cewa sun warke su ajiye magani. Wanda ya yi haka ciwon kan dawo, wani lokaci da ƙwayar da ta daina jin rifamfisin. Irin wannan a da sai an yi wata 18 zuwa 24 ana magani, da allurai masu iya kurmantar da mutum. Tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da tsarin wata shida na ƙwayoyin sha zalla ga mafi yawansu, amma har yanzu ya fi wuya, ya fi buƙatar sa ido. Saboda haka cibiyoyi ke neman a samu wani a gida da zai tsaya ya ga an haɗiye maganin kullum ya yi alama a kati. Ɗiyar da ta iya lura da tazugen wando ita ta dace da wannan aiki. In Baba zai yi tafiya, a faɗa wa cibiya tun da wuri a ba shi na guzuri ko takardar da zai karɓa a can. In azumi ya riske shi, a tattauna da likita da malami. Mara lafiya yana da rangwame, ga suga kuma a gefe.

Dole a san abin da maganin ke jawowa, don kada tsoro ya sa a daina, kada kuma a yi sakaci da abin da ya kamata a tsorata da shi. Fitsari zai koma ja-ja kamar ruwan lemo, har zufa da hawaye na iya sauya launi. Aikin rifamfisin ne, ba jini ba ne, ba shi da illa. Ɗan tashin zuciya da ciwon gaɓoɓi na iya zuwa, a faɗa wa ma'aikaci amma a ci gaba da sha. Zafi ko jin kamar ana tsira allura a tafin ƙafa daga aisoniyazid ne, ya fi samun masu suga, kuma bitamin B6 na kare shi, don haka a tambaya tun ranar farko. Waɗanda ake dakatar da magani a garzaya asibiti a ranar su ne: ido ya yi rawaya irin na shawara, amai ba ƙaƙƙautawa, ƙuraje su feso a jiki duka, ko gani ya fara dishi-dishi, ja da kore su rikice. Na farkon biyu alamar hanta ce ta wahala, dattawa kuma sun fi fuskantar haka. Rifamfisin yana kuma rage ƙarfin wasu magungunan suga na sha, don haka a riƙa auna sugan akai-akai, mai yiwuwa a sauya masa magani ko a koma allurar insulin na ɗan lokaci.

Za a sake duba kakinsa a ƙarshen wata na biyu, da na biyar, da na shida. Waɗannan gwaje-gwaje ne ke nuna an warke, ba cikar kumatu ba.

Jikan da sauran mutanen gida

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai tarin fuka da ba a yi wa magani ba na iya sa wa mutum 5 zuwa 15 cikin shekara guda. Wata huɗun da aka yi ana zagaye, Inna da jikan da yaran shago duk suna shaƙar iska ɗaya da shi. Amma da an fara maganin da ya dace, haɗarin yaɗawa kan faɗi da sauri, bayan kamar mako biyu ya ragu ƙwarai. A waɗannan makonni a buɗe tagogi, ya riƙa wuni a inuwar tsakar gida maimakon ƙuryar ɗaki, ya rufe baki da hanci in zai yi tari, ya sa takunkumi in zai shiga mutane, ya ɗan dakata da shago da sahun masallaci, jikan kuma ya koma kwana wurin uwarsa.

Abin da ba a buƙata shi ne ware masa kwano da kofi da buta, ko a daina gaisawa da shi. Ciwon ba ya bin kwano ko musabaha ko tufafi. Na ga ya dace in nanata wannan, domin wulaƙancin da ake yi wa masu tarin fuka shi ke sa wasu ɓoye tarinsu, shi ke sa wasu jefar da katin asibiti don kada maƙwabta su gani. Dattijon da ya ciyar da gida shekara arba'in bai cancanci a miƙo masa tuwo daga bakin ƙofa ba.

Duk wanda ke kwana a gidan a kai shi a duba shi, yaron mai shekara uku a gaba. Ƙananan yara ba su cika yin tarin da ke fitar da kaki ba. Alamarsu ita ce rashin ƙaruwar nauyi, zazzaɓi mai naci, rage wasa, ko kumburin ƙululu a wuya. Kuma a jikinsu ƙwayar ta fi saurin bazuwa, har ta kai ga lulluɓin ƙwaƙwalwa. Allurar BCG da aka yi masa bayan haihuwa, mai barin tabo a dantse, tana rage haɗarin waɗannan munanan nau'o'i, amma ba ta hana ɗauka gaba ɗaya. In an duba ba a ga ciwo ba, za a ba shi maganin rigakafi, na wata uku ko na wata shida gwargwadon wanda cibiyar ke da shi. Iyaye da yawa kan ce me zai sa a ba lafiyayyen yaro magani. Dalilin shi ne a kashe ƙwayar da mai yiwuwa ya riga ya shaƙa tun ba ta yi ƙarfi ba. Yanzu ana ba manyan gida ma irin wannan rigakafi bayan an tabbatar ba su da ciwon.

A 2023 mutum kusan miliyan 10.8 ne suka yi tarin fuka a duniya, kimanin miliyan 1.25 suka rasu, Najeriya kuma ita ke kan gaba a Afirka wajen yawan masu ciwon. Cikin waɗanda ba su sami magani ba, kusan rabi ne ke mutuwa. Cikin waɗanda suka sha shi yadda aka tsara kuwa, mafi yawa warkewa suke. Telan nan, in an fara a wannan makon kuma aka riƙe sugansa, yana da kyakkyawar damar komawa kan kekensa tun kafin wata shidan su cika.

Bayan an sallame shi akwai abu biyu da iyali za su riƙe. Huhun da ya daɗe da ciwo yakan warke da tabo, saboda haka wasu kan ci gaba da ɗan tari ko saurin haki ko da ƙwayar ta mutu, kuma gwargwadon jinkirin da aka yi kafin fara magani, gwargwadon tabon. Sannan warkewa ba ta hana sake kamuwa, mai suga kuma ya fi wanda ba shi da suga fuskantar dawowar ciwon, musamman a shekarar farko. A adana katin maganin. In tari ya sake kai mako biyu, ko zufar dare ta dawo, a koma cibiyar da katin a hannu, a gaya musu an taɓa yin magani, domin wanda ya taɓa sha ana fara duba ko ƙwayarsa tana jin rifamfisin kafin a ba shi komai.